Tsarin makonni biyu na fito da sababbin takalman kambas, Garoua

Jama'a, saura kwana 14, ga yadda za mu bi.

Kwana 14 zuwa 11: kada a nuna takalmin gaba ɗaya. Hoton tafinsa kawai, washegari igiyarsa, a Facebook da status na WhatsApp. Rubutu gajere: "Wani abu na tafe."

Kwana 10 zuwa 6: bidiyon daƙiƙa 15 a TikTok. Ɗan acaba ya taka giya da shi a bakin gadar Binuwai da yamma, ƙura na tashi. Wannan ne zuciyar tallar, mu ba shi lokacinsa. Ina so a ga ɗinkin gefen nan, wanda muka sake har sau uku kafin ya zauna. A yi shi da Hausa, Fulatanci da Faransanci.

Kwana 5 zuwa 2: ƙidaya, kullum launi ɗaya, ƙarfe 8 na dare. Rana ta 3 mu faɗi farashi, sefa 15,000, lamba 38 zuwa 45.

Jajibiri: buɗe oda ta Orange Money da MTN MoMo.

Ranar Asabar, ƙarfe 10 na safe, kai tsaye daga shago. A cika caji tun dare saboda wuta.