Takardar Aikin Lissafi: Gano Ƙa'idar Lamba ta n a Jeri da Gwada Ta

Aji ɗaya na babbar sakandare, zangon karatu na biyu. Maki 40. A yi aikin a littafin lissafi, kada a rubuta komai a jikin wannan takarda, 'yan ɗaya ajin za su yi amfani da ita bayanku. A kawo ranar Litinin kafin a shiga darasin farko.

Ku karanta wannan tukuna

Jeri shi ne lambobin da aka jera bi da bi bisa wani tsari. Kowace lamba tana da gurbinta: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har gaba. Wannan gurbi shi muke kira n. Abin da muke nema shi ne ƙa'idar da in aka ba mu gurbi, ko da na 100 ne, za ta fito mana da lambar da ke zaune a wurin ba tare da mun bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Misali: 5, 8, 11, 14, …

Tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata 3 ce, kuma ba ta canzawa. Tunda haka ne, jerin nan ɗan'uwan jadawalin sau uku ne, wato 3n. Rubuta jadawalin a ƙarƙashin jerin: 3, 6, 9, 12. Yanzu kwatanta su. Daga 3 zuwa 5 an ƙara 2, daga 6 zuwa 8 an ƙara 2, haka har ƙarshe. Ke nan ƙa'idar ita ce 3n + 2.

Kada ku tsaya nan. Ku gwada ta. In n = 4, to 3 × 4 + 2 = 14, ta dace da abin da aka ba mu. Sannan ku wuce inda jerin ya tsaya: ƙara 3 a kan 14 ya ba da 17, a ƙara kuma ya ba da 20. Ƙa'idar fa? In n = 6, 3 × 6 + 2 = 20. Hanyoyin biyu sun haɗu, yanzu ne za ku iya yarda da ita ku ce lamba ta 100 ita ce 302.

Kuskuren da ya fi yawa a aikin ajin da ya wuce shi ne rubuta n + 3, wai don ana ƙara 3. Ai n ba lambar baya ba ce, gurbi ne. Saka n = 1 a cikin n + 3, za ka sami 4, alhali jerin da 5 ya fara. Gwaji ɗaya tak ya isa ya tona asirin wannan amsa, amma da yawanku ba ku yi ba. Saboda haka a wannan karon duk ƙa'idar da aka kawo ba gwaji rabin maki za ta ci, ko da daidai ce.

Wanda ya fi jin daɗin a + (n − 1)d, wadda za ku riƙa gani a tambayoyin WAEC da NECO, ya yi amfani da ita: a ita ce lambar farko, d kuma tazara. Amsa ɗaya za ta fito.

Kashi na ɗaya (maki 12)

A kowane jeri, nemo ƙa'idar lamba ta n, gwada ta da lamba ta 3, sannan ka ci gaba da jerin da hannu zuwa lamba ta 6 ka sake gwadawa. Daga nan ka faɗi lamba ta 50.

1. 7, 11, 15, 19, …
2. 2, 7, 12, 17, …
3. 6, 12, 18, 24, …
4. 40, 37, 34, 31, …
5. −5, −1, 3, 7, …
6. 1½, 2, 2½, 3, …

Ku lura da na huɗu, raguwa yake yi, don haka tazararsa −3 ce.

Kashi na biyu: wa ke da gaskiya? (maki 8)

7. An ba Binta da Sani jerin 4, 9, 14, 19. Binta ta ce n + 5, Sani ya ce 5n − 1. Gwada duka biyun da n = 1 da n = 4. A jimla ɗaya, yi wa wanda ya kuskure bayanin inda tunaninsa ya kauce.

8. Hadiza ta ce ƙa'idar 3, 5, 7, 9 ita ce n² − n + 3. Ta gwada da n = 1 da n = 2, duka sun fito, sai ta rufe littafi. Ci gaba da gwajin daga inda ta tsaya. A wane gurbi ƙa'idarta ta karye? Kawo ta daidai.

9. Koma jerin tambaya ta 1. Shin 200 tana cikinsa? 203 fa? Kada ka jero lambobi har shafi ya cika. Daidaita ƙa'idarka da lambar, ka nemo n. In n ta fito da ɓurɓushi, ka san babu gurbi na 49 da kwata.

Kashi na uku (maki 12)

10. Musa ya fara asusu da naira 500, kuma kowace Juma'a yana jefa naira 200. Rubuta abin da ke cikin asusun bayan Juma'a ta ɗaya, ta biyu, ta uku da ta huɗu. Nemo ƙa'ida. Yana son takalmin ƙwallo na naira 5,100: Juma'a ta nawa zai fasa asusun?

11. Da tsinken ashana 4 za ka haɗa akwati ɗaya mai kusurwa huɗu. In ka manna na biyu a jikinsa suka yi tarayya a bango ɗaya, tsinke 7 ke nan. Na uku ya kai 10. Samo ashana a gida ka jera akwati biyar ka ƙirga, sannan ka duba ko ƙa'idarka ta ba da wannan adadi. Akwati nawa tsinke 61 za su yi? Ka kuma bayyana daga ina "+ 1" ta fito a cikin ƙa'idar. Wannan bayanin kaɗai maki 2 ne.

12. An cika tankin makaranta da ruwa lita 2,000, kullum ana shan lita 150. Rubuta abin da ya rage a ƙarshen kwana huɗun farko, ka nemo ƙa'ida. A wace rana zai rage lita 500 cif? Me ƙa'idar ta bayar a rana ta 20, kuma me ya sa wannan amsa ba ta da ma'ana ga tanki?

Kashi na huɗu: inda tazara ke canzawa (maki 8)

A nan dabarar kashi na ɗaya ba za ta yi aiki ba. Ku tuna da 1, 4, 9, 16, wato n², da kuma jerin da ake ninkawa maimakon ƙarawa.

13. 2, 5, 10, 17, …
14. 3, 6, 12, 24, …
15. Mai lemo yana jera kashinsa layi-layi a kan faranti: ɗaya a gaba, biyu a bayansa, sai uku, sai huɗu. Jimillar tana tafiya 1, 3, 6, 10. Nuna cewa n(n + 1) ÷ 2 ta dace da duka huɗun, ka faɗi lemo nawa ne a layi goma sha biyu.

16. Wannan a yi ta da fensir mai tsini da rula. Zana da'ira babba, sa ɗigo biyu a bakinta, haɗa su da layi: ta rabu gida 2. A sabuwar da'ira sa ɗigo uku, haɗa kowane da kowane: gida 4. Ɗigo huɗu za su ba ka 8, biyar kuma 16. Rubuta hasashenka na ɗigo shida kafin ka zana. Sannan ka zana ka ƙirga, kana sa lamba a kowane gida don kada ka maimaita. Kada ka raba ɗigon daidai wa daida, ka warwatsa su yadda layi uku ba za su haɗu a wuri ɗaya a cikin da'irar ba. Rubuta abin da ka ƙirga da gaske, ko da ya saɓa wa hasashenka, ka liƙa zanen a littafinka. Ba zane, ba maki.