Jawabin Malamar Zane da Yanka a Bikin Yaye Ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, abokan aikina malamai, iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, da ku 'yan uwa da abokan arziki, sannunku da zuwa. Ku kuma ɗalibaina, yau dai kun huta da warware ɗinki saboda Malama ta ce kalmasa ta karkace. Allah ya sanya albarka.

An ba ni mintuna kaɗan, kuma magana ɗaya na zo da ita. Ina so kowannenku ya kai hannu bayan wuyan rigarsa. Akwai ɗan ƙyalle a wurin, ko wurin da ya kamata ya kasance. Sunan wa ke jiki? Da yawanmu a zauren nan, ko dai babu komai, ko kuma sunan wani kamfani ne na Dubai ko Turkiyya. Abin da nake roƙonku shi ne, daga yau duk rigar da ta fito daga hannunku ta fita da sunanku a wannan wurin.

Kada wani ya ce muku wannan baƙon abu ne a garin nan. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tufa: saƙa da rini da ake yi a nan, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata tana nan har gobe. Turkuɗin Kura Buzaye na nemansa tun daga Agadas. Aska takwas da ke jikin babbar riga, wani ne ya fara zana ta, ya zauna ya yi tunaninta, amma yau ba wanda zai iya gaya muku sunansa. Gwaninta mun gada. Sa suna a jikin aiki ne ba mu saba ba, shi ya sa mai shago a wata ƙasa ke cin ribar hannun da ba a san mai shi ba.

To mene ne bambancin tela da mai tambari, wato wanda ke sa sunansa a jikin kayan da ya ɗinka? Tela yana zaune ne har a kawo masa yadi da hoto a waya, a ce "irin wannan nake so." Sana'a ce mai daraja, da ita aka ciyar da da yawanmu, ba na raina ta. Amma mai tambari shi yake fara magana. Shi zai shiga Kantin Kwari ya zaɓi yadinsa, ya zana samfurinsa, ya yanka shi a ƙarami da matsakaici da babba, ya sa farashi, sannan mai saye ya zo ya tarar. Idan riga ta karɓu, ya sake yanka ashirin daga patan ɗaya, wato takardar samfurin da ake yanka yadi a kanta, ba tare da ya auna kowa ba. Duk wahalar da kuka sha a ajina kan faɗaɗa patan da rage shi, saboda wannan ne.

Na san abin da ke ranku: jari. Kullum shi ake fara kawo mini. Ku saurara. Ba a buɗe tambari da shago mai gilashi. Keke ɗaya, dutsen guga, almakashi mai kaifi, da samfuri uku ko huɗu da kuka tabbata kun iya su har cikin barci, sun isa. Samfuri uku, ba talatin ba. Ki zama wadda aka sani da abayar da mai shayarwa za ta sa ba tare da wahala ba. Ka zama wanda aka sani da kaftanin yara da ba ya yagewa a hammata. Alphadi, mai zanen tufa na Nijar, da kayan gida ya yi suna, har a 1998 ya shirya bikin baje kolin tufafin Afirka mai suna FIMA a cikin hamada kusa da Agadas, manyan masu zanen tufa na duniya suka je suka same shi can. Kenneth Ize kuwa, mai zanen tufa ɗan Najeriya, saƙar aso-oke ta Yarbawa ya riƙe har ya kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH ta matasan masu zanen tufa na duniya a 2019. Mu da muke da saƙi da surfanin Zariya da rinin shuni, me muke jira?

Yanzu bari in daɗe a inda na fi jin tsoro, wato lissafi. Tambarin da na ga ya mutu a idona, yawanci ba rashin iya ɗinki ya kashe shi ba. Mai shi ne bai san nawa riga ta ci masa ba. Za ku lissafa yadi, ku manta shafi. Ku lissafa zif da zare, ku manta man janareta, da kuɗin adaidaita zuwa Kwari, da leda, da datar da kuka ƙona wajen ɗora hoto. Abin da kusan kowa ke mantawa kuma shi ne ladan hannunsa. Ki ce yadi da kayan haɗi sun ci naira 15,000, kin kwana biyu a kan keke, sai ki sayar 17,000 kina murna kin ci 2,000. Ba ki ci komai ba, 'yata, kyauta kika yi aiki har kika ƙara da wutar lantarki. Ku sa wa kanku albashi a cikin farashi, sannan ku ɗora riba. Ku sayi littafi, ku rubuta shige da fice. Kuɗin sana'a daban, kuɗin cefane daban, ko da asusu biyu za ku buɗe. Idan aka ba ku ankon biki, ku karɓi kafin alƙalami da zai sayi kaya, kada ku zuba uwar kuɗinku a bikin wani.

Sunan ma ku yi masa rijista a hukumar rijistar kamfanoni ta CAC, don ku iya buɗe asusun banki da shi. Amma ku sani rijistar sunan kasuwanci daban take da rijistar tambari. Ta biyun ita ke ba ku ƙarfin hana wani liƙa alamarku a kayansa. Kuma don Allah sunan Hausa ba ya rage wa riga kuɗi.

Sai alkawari. Duk wanda ke zauren nan yana da labarin tela da daren Sallah, ba sai na tono ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: kayan ƙaramar Sallah tun Sha'aban ake fara yanka su. Idan aiki ya yi muku yawa, ku ce ba za ku iya ba. Wanda kuka mayar da gaskiya zai dawo baɗi. Wanda kuka sa ya je idi da tsohuwar riga ba zai dawo ba, kuma yanzu ga sunanku a wuyan rigar, ya san wanda zai ambata.

Wanda yake ganin bai shirya ba, ya je ya yi shekara a ƙarƙashin wani, ba laifi. Amma ya je da ido biyu, ya koyi yadda ake sayen yadi da sari da yadda ake magana da mai saye mai fushi, kuma ya sa wa kansa ranar fita.

Iyayenmu, saura ku, kuma ku yi mini afuwa. Kun biya kuɗin makaranta, Allah ya saka da alheri. Taimakon da ya rage shi ne ku biya kuɗin ɗinki. "Ai ɗiyata ce" ya rufe shaguna da yawa. Gwaggo ta kawo atamfa, Kawu ya kawo shadda, kowa ya ce Allah ya yi albarka ya tafi. Muna son albarkar, amma a haɗa da kuɗin. Maza masu aure kuma, ku bar matanku su ci gaba da abin da suka koya. Ɗaki ɗaya a cikin gida ya ishe su farawa.

Allah ya buɗa muku, ya haɗa ku da masu saye na kirki, ya tsare ku daga bashin da ba a biya. A bayan zauren nan an baje kayan da ɗaliban suka ɗinka na jarrabawar ƙarshe, kowace riga da sunan mai ita a wuya da farashinta a rubuce. Na duba lissafin da kaina, don haka yau babu ragi. Idan an gama raba shaida, a daure a bi ta can kafin a je wajen abinci. Na gode, wassalamu alaikum.