Bayanin ci gaban aikin sabuwar manhajar biyan albashi: jinkiri da sabon jadawali

Assalamu alaikum,

Ranka ya daɗe Shugaba, da sauran masu ruwa da tsaki,

Ina sanar da ku cewa ba za mu iya ƙaddamar da manhajar a ranar 3 ga Maris ba kamar yadda muka alkawarta. Sabuwar ranar ita ce 24 ga Maris, wato an samu jinkirin mako 3.

Matsalar ta taso ne wajen kwashe bayanan ma'aikata daga tsohuwar manhaja. Da muka yi gwaji, sai muka tarar da sunaye 212 da suka maimaitu, wasu kuma lambar asusunsu na banki ba ta cika ba. Da mun ƙaddamar a haka, da wasu sun karɓi albashi sau biyu, wasu ko sisi ba za su gani ba. Laifin lissafin lokaci nawa ne, domin kwana 4 kacal na ware wa wannan aiki.

Za mu gama tace bayanan ranar 7 ga Maris. Gwaji na biyu zai gudana daga 10 zuwa 14, horar da ma'aikatan sashen kuɗi kuma daga 17 zuwa 19.

Kasafin kuɗin aikin bai canza ba. Albashin Fabrairu zai fita ta tsohuwar manhaja, kan lokaci.

Roƙona ɗaya: sashen kula da ma'aikata ya ba mu mutum biyu su tantance sunayen kafin 28 ga Fabrairu, don sabon jadawalin ya dogara ne a kan hakan.

Ina ba ku haƙuri. Zan aiko da rahoto kowace Juma'a, in sha Allahu.

Na gode,
Manajan aikin