Ƙa'idar Saita Ƙararrawa a Allon Ɗakin Kula: Tashar Tace Ruwa da Famfunan Turawa

Daga Sashen Lantarki da Na'urorin Awo, zuwa ga shugabannin aikin safe, rana da dare, ma'aikatan ɗakin kula, da masu gyaran na'urori. Wannan ƙa'ida za ta fara aiki ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe 7 na safe.

Ƙararrawa kira ce ga ma'aikaci ya tashi ya yi wani abu. Idan saƙo ya fito a allo amma babu matakin da za a ɗauka, wurinsa shafin `Events`, ba tare da ƙara ba. Famfo ya tashi bisa umarni, bawul ya buɗe kamar yadda aka so, an gama wanke matatar yashi: duk waɗannan labari ne kawai. Kafin a ƙara sabuwar ƙararrawa sai an rubuta abu huɗu: me ke jawo ta, me zai faru idan aka ƙyale ta, me ma'aikaci zai yi, kuma minti nawa yake da shi.

Ma'aunin da muke bi shi ne na ISA-18.2 da IEC 62682, tare da jagorar EEMUA 191. A lokacin da aiki ke tafiya daidai, ma'aikaci ɗaya yana iya ɗaukar kamar ƙararrawa ɗaya a minti goma. Sun haura goma a cikin minti goma, an shiga ambaliya, kuma daga nan mutum ya daina karatu, danna `ACK` kawai yake yi. A matatar mai ta Milford Haven a Birtaniya, a 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 a mintuna 11 na ƙarshe kafin fashewar.

Matakan fifiko

Uku ne, kuma abu biyu ke tantance su: girman ɓarnar da kuma lokacin da ya rage. `P1` ja ce, ga abin da ke taɓa rai ko lafiyar masu shan ruwan, ko wanda ke buƙatar mataki cikin minti 5, kamar yoyon iskar kulorin da tsayawar zuba kulorin alhali ana tura ruwa cikin gari. `P2` ruwan lemo ce, mataki cikin minti 5 zuwa 15. `P3` rawaya ce, tana iya jiran rabin sa'a. Kowane mataki da sautinsa da lambarsa a jikin alamar, domin akwai masu wahalar bambance launi, kuma ja ba ta da wani aiki a allon sai `P1`. Famfon da ke tsaye lafiya toka-toka zai nuna.

Rabon da ake nema kusan kashi 5 cikin ɗari `P1`, 15 `P2`, 80 `P3`. Kowane injiniya gani yake na'urarsa ta fi ta kowa muhimmanci, to amma tsadar famfo ba hujja ba ce. Idan akwai na ajiya da zai karɓi aiki da kansa, faɗuwar na farko `P3` ce.

Tazarar lafawa

Wannan shi ne filin `Deadband` a shafin saiti. Ƙararrawa takan kama a wani mataki, amma ba ta saki sai awon ya ja baya da wata tazara. In babu ita, ruwan da ke kaɗawa a bakin iyaka zai sa ta kama ta saki ba iyaka. Wadda ta maimaita sau uku ko fiye a cikin minti ɗaya mun ɗauke ta mai surutu, a kai rahotonta.

Wurin farawa, a lissafin faɗin awon na'urar: gudun ruwa kashi 5, tsayin ruwa kashi 5, matsi kashi 2, zafi kashi 1. Daga nan sai a buɗe `Trend` na kwana bakwai a duba girman kaɗawar, a tabbatar tazarar ta fi ta.

Ga tankin ruwan da aka tace. `LT-201` na auna mita 0 zuwa 5. `LAH-201` na kamawa a kashi 90, wato mita 4.5, ta saki a kashi 85, wato tazarar santimita 25. Kaɗawar da mashigar ruwa ke jawowa ba ta wuce santimita 8, saboda haka ta wadatar. A umarnin da ke ƙasa, `LT201` a kashi cikin ɗari yake, ba a mita ba.

```
IF LT201 >= 90.0 THEN
   LAH201 := TRUE;
ELSIF LT201 <= 85.0 THEN
   LAH201 := FALSE;
END_IF;
```

Ga ƙararrawar ƙasa lissafin juyawa yake yi. `PT-305` na auna matsi daga bar 0 zuwa 10, kashi 2 ya zama 0.2, don haka `PAL-305` ta kama a 3.0 ta saki a 3.2. Kada a zarce: tazara mai faɗi da yawa na barin ƙararrawa a tsaye bayan komai ya daidaita, kuma wadda ba ta saki ba ba za ta sake ƙara ba idan matsalar ta dawo.

Tazarar lafawa ba ta jinkirta kamawa. `On-delay` ne ke jinkirtawa, shi ya sa ake taka-tsantsan da shi. Daƙiƙa 15 ga gudu da matsi, 60 ga tsayi da zafi, nan ake farawa, amma sai an cire shi daga lokacin ma'aikaci. A tankin nan ruwa na malala a mita 4.9, kuma idan duk matatu na aiki yana hawa santimita 4 a minti. Santimita 40 ke nan, minti goma; a cire jinkirin minti ɗaya, saura tara, shi ya sa `LAH-201` take `P2`. Wanda ya mayar da jinkirin minti biyar ya cinye rabin lokacin abokin aikinsa. In ƙararrawa tana ƙiftawa ne, a fara gwada `Off-delay`, tunda shi sakin kawai yake riƙewa.

Ɗaukewar wuta

Nan ce babbar ambaliyarmu. Wuta ta ɗauke, famfuna shida sun tsaya, kowanne ya kawo faɗuwa, ƙarancin gudu da ƙarancin matsi, alhali dalili ɗaya ne. Daga yanzu `PWR-FAIL` kaɗai za ta yi ƙara a matsayin `P2`, a danne ƙararrawar famfuna har janareto ya karɓi kaya da ƙarin daƙiƙa 90. Idan janareto bai tashi cikin minti ɗaya ba, `GEN-FAIL` ta fito a `P1`. Duk abin da aka danne yana shiga tarihi, kuma ana ganinsa a shafin `Suppressed`.

Haka ƙarancin gudu ba ya aiki a kan famfon da aka kashe da gangan, sai daƙiƙa 30 bayan tashinsa. Idan famfo ya faɗi, allo zai nuna dalilin farko kaɗai da alamar `First-out`. Na'urar awo mai miliamfa 4 zuwa 20 da ta sauka ƙasa da 3.6 ta lalace ne ko waya ta tsinke: `BAD-PV` ɗaya za ta fito, ba ƙarancin ruwa na ƙarya ba.

Ƙararrawar yoyon kulorin ba a danne ta, ba a jingine ta, ko da wuta ko babu.

Jinginewa da canji

Ma'aikaci na iya danna `Shelve` a kan `P3` mai damunsa, `P2` kuma da izinin shugaban aiki, tare da rubuta dalili. Takan dawo da kanta bayan sa'a 8, kuma a karanta jerin waɗanda aka jingine lokacin miƙa aiki. Cire wayar lasifika ko toshe shi da tsumma laifi ne. Canza iyaka, tazara, jinkiri ko fifiko sai da takardar canji mai sa hannun injiniyan sashe.

Kowace Litinin za mu fitar da ƙararrawa goma da suka fi yawan fitowa, da duk wadda ta tsaya fiye da sa'a 24, mu zauna da shugabannin aiki a bi su ɗaya bayan ɗaya. Zaman farko zai fara da `FAL-112`, ƙararrawar ƙarancin gudu ta famfon alam, wadda muke zargin iska ce ke shiga bututunta, don haka masu gyara su duba mahaɗin tsotso kafin a taɓa saitinta.