Binciken ƙarshe kafin a buɗe sabon shafin kantinmu na atamfa

Hauwa, Sani, ranar Litinin za mu buɗe. Kowa ya sa sunansa a gefen abin da ya gama kafin yammacin Alhamis.

1. Mahaɗai. Hauwa, ki danna kowace mahaɗa, har da na ƙasan shafi da maɓallin WhatsApp. Duk wadda ta kai ki 404, ki rubuta a wane shafi take.

2. Fom. Nan kuɗi ke zurarewa, a daɗe a kansa. A tura fom ɗin oda babu komai, a ga ko zai ƙi. A sa lambar waya da 0 a farko, sannan da +234, da +227 saboda masu saye daga Maraɗi. A rubuta suna mai ƙ, ɗ ko ɓ, a duba imel ko haruffan sun iso lafiya. A danna "Aika" sau biyu da sauri: oda ɗaya ya kamata ta shigo.

3. Na'urori. Ƙaramar Tecno ko itel tukuna, a kan data mai rauni, don da ita yawancin abokan cinikinmu ke shigowa. Sai iPhone da kwamfuta.

4. Burauza. Chrome, Safari, Firefox, da Opera Mini, wadda takan hargitsa fom.

5. Karkatarwa. Sani, kowane tsohon adireshi ya kai mutum sabon shafin da ya dace, ba shafin farko ba:

```
curl -IL http://example.com/tsoho/atamfa
```

Mu ga 301, ba 302 ba, kuma tsalle ɗaya zuwa https.