Takardar Neman Hutun Ƙaro Karatu Tare da Albashi

Sashen Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa,
Ma'aikatar Albarkatun Ruwa.
6 ga Yuli, 2026.

Zuwa ga Babban Sakatare,
Ma'aikatar Albarkatun Ruwa.

Ta hannun Daraktan Sashen Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa.

Ranka ya daɗe,

NEMAN HUTUN ƘARO KARATU TARE DA ALBASHI DOMIN YIN DIGIRI NA BIYU A ƘASAR HOLAN

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni hutun ƙaro karatu tare da cikakken albashi, daga 1 ga Oktoba, 2026 zuwa 30 ga Nuwamba, 2027. Cibiyar koyar da ilimin ruwa ta IHE da ke birnin Delft ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin ruwa da ci gaba mai ɗorewa. Karatun na wata 12 ne, ragowar lokacin kuma na shirin tafiya ne da dawowa.

An ɗauke ni aiki a shekarar 2016 da digirin farko a ilimin ƙasa da duwatsu, aka tabbatar da ni a 2018, yanzu ina mataki na 10. Ban taɓa cin hutun karatu ba, kuma babu wata tuhuma a fayil ɗina.

Ranka ya daɗe, aikin da nake yi kullum shi ya sa na nemi wannan karatu. Haƙa rijiyar burtsatse ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne sanin yawan ruwan da ƙasa za ta iya bayarwa ba tare da ta ƙafe ba, musamman a yankunan dutse, inda ruwan ba shimfiɗe yake ba, a tsagogin dutsen yake taruwa. Rijiya takan yi ambaliya ranar da aka buɗe ta, rani na zuwa sai famfo ya koma jan iska, mata da yara su koma rafi. Muna yin gwajin zuƙo ruwa, muna rubuta yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Amma fassara alkaluman nan, da yin hasashen halin da ruwan zai shiga nan da shekara goma idan rijiyoyi suka ƙaru, sai mun ɗauko ƙwararru daga waje mun biya su. Su kawo rahoto su tafi da iliminsu. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, domin kuɗin jama'a ne, ƙishin ma nasu ne.

Ga kuma batun ingancin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada sinadarin fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali ya haura wannan iyaka, sai daga baya a ga haƙoran yara sun dafe. Ina so in iya gano inda haɗarin yake tun kafin a kafa injin haƙa.

Cibiyar ta Delft tun 1957 take horar da ma'aikatan ruwa daga ƙasashe masu tasowa, kuma tana aiki ƙarƙashin inuwar hukumar UNESCO. Na yi niyya, idan ma'aikata ta yarda, in gina binciken kammala karatuna a kan bayanan rijiyoyinmu, yadda sakamakon zai zama abin da sashe zai ɗauka ya yi aiki da shi kai tsaye.

Na samu tallafin da zai biya kuɗin makaranta, tikitin jirgi, masauki da abinci, saboda haka ba na neman ko sisi daga ma'aikata a kan waɗannan. Tallafin dai bai shafi iyalin da zan bari a gida ba. Ina da mata da 'ya'ya uku, ga mahaifiyata a hannuna, kuma albashin nan shi ne abin dogaronsu. In babu shi, ba zan iya karɓar gurbin ba.

Aiki ba zai tsaya ba. Na tattauna da Darakta, ya amince abokin aikina da muke fita fili tare ya riƙe teburina, kuma zan miƙa masa komai a rubuce kafin in tashi. A shirye nake in sa hannu a takardar yarjejeniyar dawowa in yi wa gwamnati aiki na tsawon lokacin da ƙa'idojin aikin gwamnati suka tanada, tare da masu tsaya mini. Zan riƙa aiko da rahoton karatuna, in na dawo kuma in koyar da ƙananan ma'aikatan sashe abin da na samo.

Na haɗa da kwafin takardar ba da gurbi, ta tallafi, ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe. Ina roƙon a duba buƙatar nan kafin ƙarshen Yuli, domin sai da takardar amincewar ma'aikata zan kammala neman biza.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Naka mai biyayya,
Kabiru Isa Lawal
Babban Jami'in Binciken Ruwa