Takardar neman biyan bashin naira 1,400,000 zuwa ga Malam Nasiru

Kano, Litinin 15 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum Malam Nasiru,

Ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi amin.

Nasan zakayi mamakin ganin takarda daga wajena, mu da kullum a baki muke magana ko a waya, to wallahi nima ba haka naso ba, amma na kira ka sau bakwai tsakanin ƙarshen Agusta zuwa jiya baka ɗauka ba, saƙonnin WhatsApp kuma ina ganin alamar ka karanta amma shiru, shi yasa nace bari in rubuta komai a waje ɗaya yadda babu wanda zai ce an ce ko ba a ce ba. Na turo maka ita ta waya, kuma na buga a takarda na bawa Malam Habu tela ya kawo maka hannu da hannu tunda a gabansa akayi maganar tun farko.

Ranar Litinin 4 ga Nuwamba 2024 bayan la'asar ka same ni a shagona na Farm Centre kace kana so ka sayi masara a Dawanau tunda kaka ce ka ajiye, kuɗinka basu kai ba, in ranta maka. Na tura maka naira 1,850,000 daga akawun ɗina zuwa naka a tiransifa biyu, ɗaya 1,000,000 ɗaya 850,000 saboda iyakar da banki ya saka mini, alat ya shigo maka kana zaune a kan benci ka nuna mana ni da Malam Habu. Da bakinka kace kafin azumi zaka dawo da su gaba ɗaya, da daddare kuma ka turo saƙon murya kana godiya kana maimaita hakan, har yanzu yana cikin wayata ban goge ba.

Azumi ya kama 1 ga Maris 2025 banga komai ba, ban kuma yi magana ba saboda watan ibada ne kowa na fama da gidansa. Bayan ƙaramar sallah, 10 ga Afrilu, ka turo 300,000 kace ragowar sai bayan babbar sallah. An yi layya an gama, 20 ga Yuni ka turo 150,000. Daga nan ko sisi. Kenan ka biya 450,000, saura 1,400,000 cif a wajenka. In lissafinka ya saba da nawa dan Allah ka fito da rasit ko alat mu zauna mu duba, ɗan adam ne ni zan iya kuskure, amma na ciro sitatimen daga banki kuma abin da ya nuna kenan.

Sai maganar da tafi damuna, wadda ma ita ce ta sa na ɗauki biro. Na samu labari, kuma kaima ka taɓo min ita a gurguje ranar da muka haɗu a ɗaurin auren ƙanin Malam Habu, cewa wai tunda masara ta faɗi an yi asara, asarar tamu ce mu biyu. Malam Nasiru a'a. Ban musa ba cewa farashin hatsi ya karye bana, duk wanda yake shiga Dawanau ya san waɗanda suka tara kaya a sito tun kakar bara da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya, kuma na tausaya maka har ga Allah. Amma abin da ke tsakaninmu rance ne, ba jari na zuba ba. Bamu taɓa zama mun ce riba kashi kaza nawa kashi kaza naka ba, ban san buhu nawa ka saya ba, ban san siton da ka ajiye ba, ban san ranar da ka sayar ba balle nawa aka saya. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, da ace buhun ya ninka kuɗinsa kamar yadda kayi tsammani, nawa zaka kawo min a kan 1,850,000 ɗina? Ko kwabo, kuma ko ka kawo a matsayin sharaɗi ni bazan karɓa ba don riba ce. To wanda bashi da rabo a cin kasuwa ba a kiransa ranar faɗuwa. A saƙon muryar nan kalmar da kayi amfani da ita ita ce "rance", sau biyu ma ka faɗa.

Haka kuma ka lura ban ƙara maka ko naira ɗaya ba. Abin da kuɗin nan zasu saro min na caja da iyafis da gilashin waya da na juya su a shago tsawon wata 10, wannan na bar shi, ba zan nema ba yau ba zan nema ba gobe. Uwar kuɗina kawai nake so.

Nasan ayar da zaka iya kawo min, ta cikin Baƙara aya ta 280, cewa in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Na yi aiki da ita gwargwadon iyawata, daga 1 ga Maris zuwa yau sama da wata 6 kenan ina jinkirtawa ban kai ƙararka wajen kowa ba. Amma kaima ka san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ni ban san cikin aljihunka ba kuma ba zan tsaya ƙirga maka abin da ka saya ko ka hau ba, wannan ba tarbiyyata bace, amma shagonka a buɗe yake ana ciniki, kuma mai ƙunci na gaskiya zuwa yake ya zauna yace ga halin da nake ciki ga abin da zan iya, baya kashe waya. Shirun nan ya fi rashin kuɗin ciwo wallahi. Laifina ɗaya da na yarda dashi shine ban rubuta ba tun ranar, alhali aya ta 282 a surar nan dai ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kunya ce ta hana ni saboda sahu ɗaya muke sallah, gashi yanzu kunyar ta kai mu inda ake gudu.

Kuɗin nan kuma ba wai ajiye suke basu da aiki ba. Na hayar shago ne da na sarin kaya na haɗa na baka, hayar tawa zata ƙare ƙarshen Oktoba, mai shago ya riga ya aiko sau biyu, ga kuɗin makarantar yara da aka koma wannan watan. Bashi hanji ne yana cikin kowa, nima yanzu haka akwai wanda yake bina kuɗin kaya kuma ina jin nauyinsa saboda jiran naka nake.

Don haka ga abin da nake nema a fili. Ka biya ni naira 1,400,000 nan da kwana 14, wato zuwa ranar Litinin 29 ga Satumba 2025, ta akawun ɗin da ka turo na Afrilu da na Yuni, bai canza ba. Kar a bawa yaron shago ko wani ɗan aike tsabar kuɗi, ta banki nake so saboda kowa ya samu shaida.

In ba zaka iya haɗawa gaba ɗaya ba, na buɗe maka ƙofa ɗaya. Ka kawo 600,000 kafin ranar 29 ɗin, ragowar 800,000 a raba huɗu, 200,000 duk ƙarshen wata, Oktoba, Nuwamba, Disamba da Janairun 2026. Amma wannan karon a rubuce za a yi, ka sa hannu in sa hannu, Malam Habu da Malam Liman su sa a matsayin shaidu, kuma ka kawo mutum ɗaya da zai tsaya maka ko wani abu na jingina da muka yarda dashi mu biyu. In wata ɗaya ya wuce ba a biya ba, duk abin da ya rage ya zama na biya nan take. In kana da wani tsarin da ya fi wannan dacewa da kasuwarka ka kawo shi a rubuce cikin kwanakin nan 14 zan duba da zuciya ɗaya, abin da bazan sake karɓa ba shine "insha Allahu wani satin" wanda babu rana babu adadi.

In ranar ta wuce babu biya babu zama, zan kai maganar gaban Mai unguwa da Malam Liman a kira mu sulhu sau ɗaya. In nan ma bata yiwu ba zan shigar da ƙara a kotu, ko kotun shari'ar Musulunci ko kotun ƙananan basussuka da ake da ita a nan Kano, duk wadda lauya ya ga ta fi dacewa, in gabatar da sitatimen na banki, da saƙon muryarka, da hirarmu ta WhatsApp, da shaidar Malam Habu, da ita wannan takardar, kuma zan roƙi kotu ta ɗora maka kuɗin da na kashe wajen shari'ar. Ba barazana nake maka ba, ina sanar da kai ne tun da wuri don kar sammaci ya zo maka kace na yi maka ba zata.

Ka kwantar da hankalinka ta wani ɓangaren. Ba zan kai ka wajen 'yan sanda ba, bashi ba laifin kamu bane, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana a kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ba zan saka sunanka ko hotonka a Facebook ko sitatus ba, ba zan turo yara ƙofar gidanka ba, ba zan taɓa mashin ɗinka ko kayan shagonka da hannuna ba, ba kuma zan je wajen surukanka ko in ɗaga wa Hajiya hankali tana fama da jikinta ba. Zuwa yau daga ni sai kai sai Malam Habu muka san adadin kuɗin nan, ko a majalisa ban taɓa furtawa ba, ko maiɗakina cewa kawai nayi akwai kuɗina a hannun wani.

Shekara 9 muna tare, kai ka riƙe min shago sati biyu lokacin rasuwar mahaifina ko allura bata ɓata ba, ban manta ba kuma shi yasa ma na ranta maka ba tare da takarda ba. Ina so bayan an gama wannan mu ci gaba da gaisawa a masallaci ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba.

Dan Allah in ta iso ka amsa min a rubuce ko da layi ɗaya ne cewa ka gani, sannan ka faɗi wanne ka zaɓa cikin biyun. Ina shago kullum daga ƙarfe 10 na safe zuwa magariba banda Juma'a, in kuma ka fi so mu haɗu a shagon Malam Habu ka sa rana zan zo.

Na gode, a gaida iyali.

Naka,
Sani mai kayan waya
Farm Centre, Kano

Kwafi: Malam Habu tela, shaida